Sabstitushan ko bai pats: yadda ake zaɓa, da inda LIATE ke kai mutum ya baro shi

Dubi waɗannan biyun kafin mu ce komai:

```
(a)  ∫ x·e^x dx
(b)  ∫ x·e^(x²) dx
```

Da ido sai ka ce tagwaye ne, x ne a gaba, e a baya, bambancin kawai wannan ɗan 2 ɗin da ke saman x na biyu. Amma hanyarsu ba ɗaya ba ce ko kusa. Na farkon intagireshan bai pats yake so, na biyun sabstitushan ne kawai, layi biyu ka gama. Wanda ya haddace LIATE, wato jerin haruffan da ake bi wajen zaɓen u a bai pats, bai san dalilinsa ba zai ga "aljabara sau esponenshiyal" a dukkansu, ya ce u = x, dv = sauran, a (a) ya dace ya wuce, a (b) kuma ya tsinci kansa yana neman intagiral na e^(x²), abin da babu shi a cikin fankshin ɗin da muka saba da su. Ba wai yana da wuya ba ne, a'a, ba za a iya rubuta shi da polinomiyal da log da sin da cos da e ba gaba ɗaya, aikin Joseph Liouville na shekarun 1830 ne ya kafa hujjar irin wannan. Wato duk daren da ka kwana a kai asara ce.

Toh ga tsarin da nake ganin ya fi, kuma jerin yana da muhimmanci, kar ka tsallake na farko don kana ɗokin na biyu.

Mataki na farko: nemi fankshin da deribatib ɗinsa a zaune tare

Sabstitushan ba komai ba ne illa cen rul da aka juya baya. In ka difarenshiyeta F(g(x)) za ka samu F′(g(x))·g′(x), kaga kenan duk abin da ya fito daga cen rul yana ɗauke da alama, akwai wani abu a "ciki", sannan deribatib ɗin wannan na cikin yana tsaye a waje yana ninka komai. Alamar nan ita kake nema.

A aikace ka tambayi kanka, mene ne a cikin baka, ko a ƙarƙashin rut, ko a saman e, ko a ƙasan layin raba? Ɗauko shi, difarenshiyeta shi a ka, sannan ka duba ko abin da ya fito yana nan a waje. A (b) na cikin shi ne x², deribatib ɗinsa 2x, a waje akwai x. Lambar 2 ɗin ba matsala ba ce, konstan ana gyara shi da rabawa. Zan yi amfani da t a sabstitushan, in bar u da v wa bai pats, saboda yawancin ruɗanin da ake samu a takarda daga amfani da u ɗaya a aiki biyu yake zuwa.

```
t = x²,   dt = 2x dx,   x dx = dt/2
∫ x·e^(x²) dx = ½ ∫ e^t dt = ½ e^(x²) + C
```

Shikenan. Yanzu gwada wannan tunanin a (a): na saman e shi ne x, deribatib ɗinsa 1, x ɗin da ke waje ba deribatib ɗin komai ba ne a nan, baƙo ne kawai da ke ninkawa. In ka ce t = x ba ka canza komai ba sai sunan harafi. In ka ce t = e^x za ka samu ∫ ln t dt, wanda shi ma bai pats zai nema a ƙarshe. Wannan shi ke gaya maka ka wuce mataki na gaba.

Abu ɗaya da ya kamata ka riƙe da kyau a nan, konstan ake yafewa, ba a yafe x. In kana da ∫ e^(x²) dx ba za ka ce "bari in ninka da 2x in raba da 2x" sannan ka fitar da 1/(2x) waje ba, x ba ya tsallake alamar ∫. Gwajin da ke nuna sabstitushan ya yi aiki kuwa mai sauƙi ne, bayan ka canza, babu x ko ɗaya da ya rage, komai ya koma t. In x ya rage akwai hanya biyu, ko dai a iya rubuta shi da t (misali t = x + 1 ya ba ka x = t − 1), ko kuma sabstitushan ɗin bai dace ba, ka janye tun da wuri.

Log yana yawan yaudarar mutane a wannan matakin, don da an ga ln x sai a tuna L shi ne harafin farko a LIATE a ruga bai pats. Amma deribatib ɗin ln x shi ne 1/x, saboda haka duk inda ka ga ln x tare da dx/x tsaf, sabstitushan ne. ∫ (ln x)/x dx, t = ln x, ya zama ∫ t dt, amsa ½(ln x)² + C. Canza ƙasan ya koma x², wato ∫ (ln x)/x² dx, sai labari ya canza, 1/x² ba deribatib ɗin ln x ba ne, nan bai pats ne, kuma amsar −(ln x)/x − 1/x + C.

Mataki na biyu: bai pats, amma ka fara duba dv

Shi kuma purodak rul ne a juye:

```
∫ u dv = u·v − ∫ v du
```

Lura da abin da fomular take yi, ba ta warware maka intagiral ba, musaya ta yi maka, ta karɓi ∫ u dv ta miƙo maka ∫ v du. In wanda aka miƙo maka bai fi na farkon sauƙi ba toh ba ka ci riba ba. Don haka kafin ka rubuta layi ko ɗaya akwai tambaya biyu. Ta ɗaya, wannan da nake so in kira dv, na iya intagiretin ɗinsa yanzu-yanzu? Ta biyu, in na haɗa v da du, abin da zai fito ya fi wanda na fara da shi sauƙi? Mutane sun fi ɓata lokaci a kan waye zai zama u, alhali dv ne ke iya tsayar da aikin cak. Difarenshiyeshan kullum yana yiwuwa, ko wane irin mummunan u ka zaɓa akwai doka da za ta ba ka du, intagireshan ne ba shi da wannan garantin.

A (a), u = x, dv = e^x dx, du = dx, v = e^x. Sai ka samu x·e^x − ∫ e^x dx = e^x(x − 1) + C. x ya mutu da difarenshiyeshan ɗaya, abin da ake so kenan. Da ka juya ka ce u = e^x, dv = x dx, za ka samu (x²/2)e^x − ∫ (x²/2)e^x dx. Ba ƙarya ka rubuta ba fa, lissafin daidai ne, amma pawar x ta hau daga 1 zuwa 2, in ka sake ta koma 3. Duk lokacin da ka ga pawa tana hawa, tsaya, ka juya zaɓin.

Daga ina LIATE ya fito, kuma me ya sa yake yawan aiki

Herbert Kasube na Jami'ar Bradley a Amurka ne ya wallafa shi a 1983 a mujallar American Mathematical Monthly, a matsayin ɗan taimako wajen zaɓen u. Shi kansa bai pats ya girme shi nesa, tun 1715 yana cikin aikin Brook Taylor, wato an yi shekaru sama da 260 ana yi ba tare da haruffan nan biyar ba. Jerin shi ne L na logaridim, I na inbas tirig irin su arctan da arcsin, A na aljabara irin x² da √x, T na tirig, E na esponenshiyal. Wanda ya riga zuwa a jerin shi ne u, ragowar dv.

Hikimar ciki ba ɓoyayya ba ce. Na farkon jerin su ne masu wuyar intagiretin amma da ka difarenshiyeta su sai su zama aljabara, ln x ya koma 1/x, arctan x ya koma 1/(1 + x²). Na ƙarshen jerin kuma, sin da cos da e^x, ko sau nawa ka intagireta su ba sa ƙara muni. Polinomiyal yana tsakiya, in ya haɗu da e^x shi ake kashewa, in ya haɗu da ln x shi ake intagiretin, shi ya sa ∫ x·ln x dx ake ɗaukar u = ln x a samu (x²/2)ln x − x²/4 + C. Wasu malaman ILATE suke koyarwa, I kafin L, ba abin rigima ba ne don da wuya ka ga log da inbas tirig suna ninka juna a tambayar aji ɗaya.

Matsalar ita ce LIATE sunan dangin fankshin kawai yake dubawa. Bai san me ke cikin baka ba, bai san ko dv zai intagiretu ba. Kamar ɗan kamasho ne a tasha, zai nuna maka motar da ke kan layi, amma ko akwai mai a tankinta wannan ba ruwansa.

Inda ya fi faɗuwa: ∫ x³·e^(x²) dx

Wannan zan tsaya a kansa sosai don in ka gane shi ka gane rabin zancen.

Mataki na farko, na ciki x², deribatib 2x. A waje x³ ne, ba x ba. Da yawa a nan suke cewa sabstitushan ya ƙi, su koma LIATE. LIATE ya ce A kafin E, u = x³, dv = e^(x²) dx. Nemo v mana. Babu shi, shi ne dai wancan da muka ce ba ya rubutuwa. Wasu in sun matsu sai su ƙirƙiro v = e^(x²)/(2x), wanda in ka difarenshiyeta shi da kwoshen rul za ka samu e^(x²) − e^(x²)/(2x²), kaga ba e^(x²) ba ne, duk abin da aka gina a kansa ya rushe. Juya zaɓin ma ba ya ceto, u = e^(x²), dv = x³ dx zai ba ka ∫ na x⁵·e^(x²), pawa ta hau.

Abin yi shi ne ka fara daga dv. Tambayi kanka, e^(x²) me yake buƙata kafin ya intagiretu? x guda ɗaya yake buƙata a gefensa, mun gani a (b). Toh x³ ai x²·x ne, ba shi ɗaya daga ciki mana.

```
u = x²            dv = x·e^(x²) dx
du = 2x dx        v  = ½ e^(x²)

∫ x³·e^(x²) dx = ½ x² e^(x²) − ∫ x·e^(x²) dx
               = ½ x² e^(x²) − ½ e^(x²) + C
               = ½ e^(x²)(x² − 1) + C
```

Ka ga yadda aka tsaga ɓangaren aljabara gida biyu, rabi ya tafi u rabi ya tafi dv. LIATE ba shi da bakin da zai gaya maka haka, shi a wurinsa x³ dunƙule ɗaya ne mai suna A.

Ni dai hanyar da na fi so in ga ɗalibi ya bi ita ce ta biyu, ya yi sabstitushan ɗin duk da cewa x³ bai yi daidai da 2x ba, saboda x² ɗin da ya rage ai t ne da kansa:

```
t = x²,   x dx = dt/2
∫ x²·e^(x²)·x dx = ½ ∫ t·e^t dt = ½ e^t (t − 1) + C
```

Ya koma (a) sak, kuma a nan LIATE yana aiki lafiya lau. Na fi son wannan don ba ya buƙatar wayo, kuma in pawar ta girma yana sauƙaƙa rubutu, x⁵·e^(x²) zai zama ½ ∫ t²·e^t dt, bai pats sau biyu a kan abu mai tsabta. Haka ∫ x³·cos(x²) dx yake, ½ ∫ t·cos t dt, amsa ½[x² sin(x²) + cos(x²)] + C. Wato tambayar "sabstitushan ko bai pats" wani lokacin amsarta duka biyun, sabstitushan ya share fili, bai pats ya ƙarasa.

Akwai iyaka fa. Dabarar tana aiki ne in pawar x mara ce, 1, 3, 5, don bayan ka cire x ɗaya na dt ragowar ya zama t ko t². In ka ga ∫ x²·e^(x²) dx, ko ka tsaga u = x, dv = x·e^(x²) dx, abin da zai rage maka ∫ e^(x²) dx ne, an dawo gidan jiya. In irin wannan ya fito a takardar gwaji ta aji ɗaya, fara duba ko ka kwafi tambayar daidai.

Yanzu mu sa masa limit, daga 0 zuwa 2, don nan ma akwai rami. Da ka ce t = x², limit ɗin ma sai sun canza, x = 0 ya ba da t = 0, x = 2 ya ba da t = 4.

```
½ [e^t (t − 1)] daga 0 zuwa 4 = ½ (3e⁴ + 1) ≈ 82.4
```

Wanda ya manta ya bar 0 zuwa 2 a kan t zai samu ½(e² + 1), kusan 4.19. Ta yaya za ka gane 4.19 ƙarya ne ba tare da wani ya gaya maka ba? Saka lamba a fankshin ɗin. A x = 1.8 ƙimarsa kusan 149, a x = 2 kusan 437, kuma hawa yake yi. Ɗan zirin da ke tsakanin 1.8 da 2 kaɗai, faɗinsa 0.2, tsayinsa bai gaza 149 ba, ya kai kusan 30 shi kaɗai. Amsar da ba ta kai 5 ba ba ta da wurin zama.

Inda dv ya intagiretu amma duk da haka LIATE ya ɓatar

Wancan misalin za a iya cewa ai bango ka tarar nan take, ka san akwai matsala. Wannan ya fi shi mugunta don hanya a buɗe take, kana ta tafiya amma ba ka isa:

```
∫ x·e^x / (1 + x)² dx
```

LIATE ya ce u = x/(1 + x)², dv = e^x dx. v = e^x, ba laifi. du kuma (1 − x)/(1 + x)³ dx. Ƙasan ya tashi daga pawa 2 zuwa 3. Sake yi, ka samu (2x − 4)/(1 + x)⁴. Dalilin a fili yake, dokar "A kafin E" an gina ta ne a kan polinomiyal, wanda ke raguwa har ya zama sifili in ana difarenshiyetin ɗinsa. Aljabarar da ke da x a ƙasan layi ba ta mutuwa, kumbura take yi.

Sake farawa daga dv. Wane ɓangare ne mafi muni a nan wanda kuma na iya intagiretin? 1/(1 + x)². Intagiral ɗinsa −1/(1 + x), pawar ƙasa ta sauka daga 2 zuwa 1, alama mai kyau. Ragowar x·e^x ya zama u, kuma dubi abin da deribatib ɗinsa ya bayar.

```
u = x·e^x               dv = dx/(1 + x)²
du = (1 + x)e^x dx      v  = −1/(1 + x)

= −x·e^x/(1 + x) + ∫ e^x dx
= −x·e^x/(1 + x) + e^x + C
= e^x/(1 + x) + C
```

(1 + x) na du ya cinye (1 + x) na v. A nan esponenshiyal, wanda shi ne na ƙarshe a jerin LIATE, shi ya shiga u, aljabara ta tafi dv, an kifar da dokar gaba ɗaya. Kuma ba sa'a ba ce, wanda ya tsara tambayar ya san deribatib ɗin x·e^x yana ɗauke da (1 + x). Shi ya sa in ka ga baka mai pawa 2 a ƙasa, yana da kyau ka difarenshiyeta na saman a gefen takarda ka ga ko bakan zai leƙo.

In duk harafi ɗaya ne

Wani lokacin LIATE ba kuskure yake yi ba, shiru kawai yake yi. ∫ sec³x dx, T ne da T. Wa zai zama u? Nan ma dv ne ya raba gardama, sec²x mun san intagiral ɗinsa tan x ne, saboda haka dv = sec²x dx, u = sec x, du = sec x·tan x dx.

```
I = sec x·tan x − ∫ sec x·tan²x dx
  = sec x·tan x − ∫ sec x (sec²x − 1) dx
  = sec x·tan x − I + ln|sec x + tan x|
I = ½ (sec x·tan x + ln|sec x + tan x|) + C
```

I ya dawo da alamar debewa, sai a kai shi hagu a raba da 2. Amma ƙaninsa ∫ sec⁴x dx ko kusa da bai pats ba ya buƙatar zuwa, rubuta shi (1 + tan²x)·sec²x, t = tan x, amsa tan x + (tan³x)/3 + C. Pawa 4 ta fi pawa 3 sauƙi, abin haushi amma haka yake.

Irin wannan dawowar ita ke faruwa a ∫ e^x·sin x dx, kuma a can ko T ka sa a u ko E duk ɗaya, amsar ½e^x(sin x − cos x) + C. Sharaɗin kawai, abin da ka zaɓa a zagayen farko shi za ka maimaita a na biyu. In ka fara da u = sin x, zagaye na biyu u = cos x. In ka juya a tsakiya ka warware abin da ka ɗaura, ka ƙare da I = I, gaskiya ce amma ba maki.

A da A ma haka, ∫ x·√(x + 1) dx. Duk hanyoyin biyu suna kaiwa. Da t = x + 1 za ka samu (2/5)(x + 1)^(5/2) − (2/3)(x + 1)^(3/2) + C, da bai pats kuma u = x za ka samu (2/3)x(x + 1)^(3/2) − (4/15)(x + 1)^(5/2) + C. In kai da abokin karatunka kuka fito da waɗannan biyun kar ku yi ta musu, fitar da (x + 1)^(3/2) a kowanne, duka za su zama (2/15)(3x − 2)(x + 1)^(3/2).

Fankshin a cikin fankshin ba ninki ba ne

∫ e^(√x) dx. Akwai E akwai A, amma ba ninka juna suke ba, ɗaya yana cikin ɗaya ne, kuma LIATE ninki kawai ya sani. Na sha ganin an rubuta u = √x, dv = e dx ko wani abu mai kama da haka, wanda ba shi da ma'ana sam. Deribatib ɗin √x ma ba ya waje, toh ya za a yi? A nan sabstitushan ne ke ƙirƙiro ninkin da kansa. t = √x, x = t², dx = 2t dt, ya zama 2∫ t·e^t dt, (a) ɗin nan dai ya sake dawowa, amsa 2e^(√x)(√x − 1) + C. Ka lura a nan na juya ne na rubuta x da t kafin in difarenshiyeta, ya fi tsabta a kan fama da 1/(2√x). ∫ sin(ln x) dx ma haka, t = ln x, x = e^t, dx = e^t dt, ya koma e^t·sin t na sama.

Ga wani ɗan abin dariya da ke faruwa in an tilasta bai pats a inda sabstitushan ya dace. ∫ dx/(x·ln x), an ga log, an ce u = 1/ln x, dv = dx/x. v = ln x, du = −dx/(x(ln x)²). u·v = 1, sai ka samu I = 1 + I. Wai 0 = 1 kenan? A'a, intagiral marar limit dangi ne na fankshin da suka bambanta da konstan, 1 ɗin ya shige cikin C, ba a karya lissafi ba, kawai dai ba a motsa daga inda ake ba. Da an tsaya a mataki na farko an ga dx/x, t = ln x, ∫ dt/t, amsa ln|ln x| + C.

Wani ɗan gyara a v da ke rage aiki

Ko inda LIATE ya zaɓa daidai akwai abin da ba ya faɗa. v kowane intagiral na dv ne, kana da 'yancin ƙara masa konstan ɗin da ka ga dama. ∫ x·arctan x dx, u = arctan x, dv = x dx, du = dx/(1 + x²). In ka ɗauki v = x²/2 za ka faɗa ∫ x²/(1 + x²), sai ka yi rabawa. In ka ɗauki v = (x² + 1)/2, wanda deribatib ɗinsa x ne shi ma, v·du ya zama ½ dx kawai, amsa ½(x² + 1)arctan x − x/2 + C. Haka ∫ ln(x + 1) dx, dv = dx, ɗauki v = x + 1 maimakon x, ka samu (x + 1)ln(x + 1) − x + C a layi ɗaya.

Mataki na ƙarshe: difarenshiyeta amsarka

Ba ya cin minti ɗaya kuma shi kaɗai ne ke kama alamar debewa da ta ɓace ko ½ da aka manta. Ɗauki ½e^(x²)(x² − 1). Purodak rul: ½[2x·e^(x²)(x² − 1) + e^(x²)·2x] = x·e^(x²)(x² − 1 + 1) = x³·e^(x²). Ya dawo. Na e^x/(1 + x) kuma kwoshen rul: [e^x(1 + x) − e^x]/(1 + x)² = x·e^x/(1 + x)². Shi ma ya dawo.

In bai dawo ba, yadda ya kauce yana nuna maka inda ciwon yake. In abin da ka samu ninki biyu ne ko rabin na asali, konstan ɗin dt ne, koma layin da ka rubuta x dx = dt/2. In wani ɓangare da ya kamata ya soke ya ninku maimakon haka, misali ka samu x³·e^(x²) + 2x·e^(x²), toh alamar debewa ce ta gaban ∫ v du ta juye, galibi a wurin da v da kansa yake da debewa kamar −cos x ko −1/(1 + x). In kuma wani baƙon abu ya ɓullo mai x a ƙasan layi alhali tambayar ba ta da shi, koma ka difarenshiyeta v ɗinka shi kaɗai ka ga ko zai ba ka dv, yawanci a nan za ka tarar an raba da 2x a inda ba a raba ba.